Rabi da rabi: wani lokaci ɗaya, wani lokaci sifili

A daren 25 ga Maris 1951, a Jami'ar Harvard da ke Amurka, wani ɗalibin digirin digirgir mai suna Harold Ewen ya kama wata igiyar rediyo da ba ta fito daga kowace tashar ɗan Adam ba. Shi da malaminsa Edward Purcell sun kafa eriya mai siffar mazurari ta tagar ɗakin gwaji, bakinta yana kallon sama. Igiyar tana kan megahaz 1420, tsawonta santimita 21, kuma daga iskar haidirojin da ke warwatse tsakanin taurari take fitowa. Ba sa'a suka taka ba, sun san abin da suke nema. Shekara bakwai kafin nan, a 1944, Holan tana ƙarƙashin mamayar Jamus, wani ɗalibi, Hendrik van de Hulst, ya riga ya ce a nemi wannan igiya a daidai wannan tsawo. Tushen hasashensa kuwa wani ɗan lissafi ne da bai cika shafi guda ba: yadda ake tara sifin na ƙwayoyi biyu.

Atam ɗin haidirojin shi ne mafi sauƙin gini a duniya, furoton ɗaya a tsakiya da elektiron ɗaya a kewayensa. Kowannensu yana da wani ƙarfin juyi na kansa da masana fizis suke kira sifin. Ƙarfin juyi abu ne da muka saba da shi: shi ne yake sa tayar keke da aka ɗaga ta ci gaba da juyawa, ta kuma yi gardama idan aka so karkata ta. Na elektiron ya bambanta da wannan ta hanya biyu. Na farko, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, halitta ce kamar nauyinsa. Na biyu, in ka auna shi a kan wani layi, a ce layin da ya miƙe daga ƙasa zuwa sama, amsa biyu kacal za ka samu, ko +½ ko −½, a ma'aunin da ake rubutawa ħ. Babu sulusi, babu sifili. Otto Stern da Walther Gerlach ne suka fara ganin alamar haka a birnin Frankfurt a 1922, da suka tura atam-atam na azurfa ta tsakiyar maganaɗisu suka ga sun rabu gida biyu cif. Sai a 1925 George Uhlenbeck da Samuel Goudsmit suka zo da bayanin sifin a Leiden. Amsar +½ ana rubuta ta ↑ a ce sama, amsar −½ kuma ↓ a ce ƙasa.

Akwai ƙa'ida guda da za mu riƙe a hannu, don ita za mu yi ta aiki da ita. Kowane ƙarfin juyi a fizis na kwantum yana da lamba s, kuma girmansa idan aka ninka shi da kansa, wanda ake rubutawa S², yana ba da s(s+1). Ga elektiron ko furoton s = ½, don haka S² = ½ × 1½ = ¾. Abin da ake gani a kan layin awo kuma, wanda ake kira m, yana tafiya daga +s zuwa −s da tazarar ɗaya-ɗaya. Mai s = ½ yana da m biyu. Mai s = 1 yana da uku: +1, 0, −1. Mai s = 0 yana da ɗaya tak, sifili. Duk lambobin nan a ma'aunin ħ suke, shi ya sa ba za mu riƙa maimaita shi ba.

To, a haɗa biyun. Kibiyar farko ta elektiron ce, ta biyu ta furoton. Hali huɗu ne za su iya kasancewa a ciki:

↑↑, ↑↓, ↓↑, ↓↓

Tara m ba shi da wuya, lissafin firamare ne. ↑↑ ya ba da +1, ↓↓ ya ba da −1, su kuwa ↑↓ da ↓↑ kowanne ya ba da sifili. A nan ne yawancin masu koyo suke zamewa. Hankali yana cewa tunda ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa, ai sun cinye juna, jimillar juyi ta zama sifili, an gama. Amma duba ƙa'idarmu. Tunda mun samu m = +1 da m = −1, lalle akwai hali mai s = 1, shi kuwa s = 1 ba ya tafiya sai da 'ya'yansa uku. Ina na tsakiyar, mai m = 0? Dole yana cikin waɗancan biyun. Wato a cikin halayen da ɗaya yake sama ɗaya ƙasa, akwai guda wanda jimillar juyinsa cikakken ɗaya ce, sai dai juyin ya kwanta a gicciye, ba ya bayyana a layin da muke awo. Saura guda ɗaya ya rage, shi ne mai s = 0 na gaskiya. Uku da ɗaya, huɗu ke nan, kamar yadda biyu sau biyu ya ba da huɗu. Ukun nan su ake kira tirifilet, tilon kuma singilet.

Tambayar da ta rage ta fi daɗi: tsakanin ↑↓ da ↓↑, wanne ne na tirifilet, wanne ne singilet? Amsa ita ce babu ko ɗaya. Don a ga dalili sai an yi lissafin S² na jimilla.

Jimillar juyi S ita ce S₁ + S₂, kuma idan aka ninka ta da kanta ana samun abin da kowane ɗalibin aljabara ya sani:

S² = S₁² + S₂² + 2 S₁·S₂

Biyun farko mun san su, ¾ da ¾, sun zama 1½. Na ƙarshen, S₁·S₂, shi ne yake auna yadda sifin biyun suka fuskanci juna, kuma aiki biyu yake yi. Aikin farko shi ne ya ninka m₁ da m₂: idan kibiyoyin sun dace ya ba da +¼, idan sun saɓa ya ba da −¼. Aiki na biyu ya fito daga ɓangarorin juyi da suke kwance a gicciye, kuma shi ne baƙon abu: idan kibiyoyin sun saɓa, yana ɗaga ta ƙasa ya saukar da ta sama, wato ya mayar da ↑↓ ya zama ↓↑, da nauyin ½. Idan kuwa duka biyun suna sama, ko duka suna ƙasa, ba shi da abin yi, don wanda yake sama ba shi da inda za a ƙara ɗaga shi.

Mu gwada da ↑↑. Muna da 1½, a ƙara 2 × ¼, jimilla 2. Sakamakon shi ne 2 × ↑↑. Halin ya dawo yadda yake, sai lamba 2 a gabansa. A fizis na kwantum wannan ita ce shaidar cewa hali yana da tabbataccen girma: ka yi masa aikin, ya dawo da kamanninsa, lambar da ta fito ita ce amsar awo. Wace s ce take ba da s(s+1) = 2? Ɗaya ce, don 1 × 2 = 2. Haka ↓↓ ma, babu bambanci.

Yanzu ↑↓. Muna da 1½, a cire 2 × ¼, saura 1, wato ↑↓ guda ɗaya. Sannan aikin musanya ya kawo 2 × ½ na ↓↑, shi ma guda ɗaya. Don haka:

S²(↑↓) = ↑↓ + ↓↑

S²(↓↑) = ↓↑ + ↑↓

Halin bai dawo yadda yake ba, ya jawo ɗan'uwansa. Ma'anar haka ita ce ↑↓ shi kaɗai ba shi da tabbatacciyar jimillar juyi. Amma dubi layukan biyu da kyau, amsarsu ɗaya ce. In ka tara su, sai ka ga S² a kan (↑↓ + ↓↑) ya ba da 2 × (↑↓ + ↓↑). Ga ɗan tsakiyar tirifilet ya fito, s = 1, m = 0. In kuma ka ɗebe na biyu daga na farko, komai ya share, S² a kan (↑↓ − ↓↑) ya ba da sifili. Ga singilet, s = 0. A littattafai za ka ga an raba kowanne da √2, don kawai jimillar yiwuwa ta tsaya a kan ɗaya:

s = 1, m = +1: ↑↑

s = 1, m = 0: (↑↓ + ↓↑)/√2

s = 1, m = −1: ↓↓

s = 0, m = 0: (↑↓ − ↓↑)/√2

Wanda ya lura zai ga duk wannan lissafi yana dunƙulewa cikin jumla ɗaya: aikin S² shi ne a bar halin yadda yake, sannan a ƙara masa kwafinsa da aka yi wa musanyar kibiyoyi. Halin da musanya ba ta canza shi yana ninkuwa biyu. Halin da musanya take juya wa alama, ƙari ya koma ragi, yana ɓacewa. Paul Dirac ne ya fito da wannan gajeriyar hanya, kuma a ganina ita ya kamata a fara nuna wa ɗalibi kafin a tsunduma shi cikin jadawalin lambobi.

Duk bambancin da ke tsakanin juyi cikakke da rashin juyi ke nan: alamar ƙari ko ta ragi a tsakanin abu biyu iri ɗaya. Wannan alama tana faɗin yadda sifin biyun suke tafiya da juna a gicciye. Ka ɗauki mata biyu suna daka a turmi ɗaya. Taɓarya biyu ce, turmi ɗaya ne, ko dai su riƙa sauka tare, ko su yi lugude, wannan tana sauka waccan tana tashi. Alamar ƙari tamkar saukar tare ce, ta ragi kuwa luguden. Kwatancen iyakarsa ke nan, kada a ja shi da nisa, don taɓarya tana da wurin da take a kowane lokaci, sifin kuwa kafin awo ba shi da zaɓaɓɓen gefe.

Ta yaya za a bambance su a ɗakin gwaji, tunda a layin sama da ƙasa dukansu suna ba da kibiyoyi masu saɓani? Sai a kwantar da na'urar awon, a auna a layin hagu da dama. Ɗan tsakiyar tirifilet zai ba da amsa masu dacewa kowane lokaci, ko duka hagu ko duka dama, don can juyinsa yake kwance. Singilet kuwa ko ta wane layi ka auna shi, saɓani zai ba ka. Ba shi da fuska, ta ko'ina kamanninsa ɗaya. Hanya ta biyu ita ce a sa atam ɗin cikin maganaɗisu marar ƙarfi sosai: matakin makamashi na tirifilet zai tsage gida uku gwargwadon m, na singilet ya tsaya guda ɗaya. Idan kuma aka shirya ƙwayoyin a halin ↑↓ zalla aka auna jimillar juyinsu, rabin lokuta za a samu 1, rabi a samu 0, domin ↑↓ ba komai ba ne illa gamin halayen nan biyu daidai wa daida. Tara layi na biyu da na huɗu a jerin da ke sama, za ka ga ↓↑ ya share, ↑↓ ya rage.

Akwai wani ƙaramin abin mamaki da lambobin suke ɓoyewa. Girman sifin ɗaya shi ne √¾, kimanin 0.87. Da biyun sun miƙe a layi guda sak, da jimillarsu ta kai 1.73. Amma girman tirifilet √2 ne, kimanin 1.41. Ke nan ko a halin ↑↑, da muke zana shi da kibiyoyi biyu a jere, sifin ɗin ba su taɓa daidaita sosai ba. In an nace sai an zana su, kusurwar da ke tsakaninsu ta kai digiri 70 da ɗoriya.

Mu koma kan haidirojin. Elektiron da furoton kowanne ɗan ƙaramin maganaɗisu ne saboda sifin ɗinsa, kuma maganaɗisu biyu da ke kusa suna jin juna. Makamashin wannan hulɗa yana daidai da wata lamba A a ninka ta da S₁·S₂. Ba sai mun sake wahala ba, juya lissafin farko kawai za mu yi:

S₁·S₂ = ½ [s(s+1) − 1½]

Ga tirifilet, ½ × (2 − 1½) = +¼. Ga singilet, ½ × (0 − 1½) = −¾. Hanyar gane ko ka yi kuskure tana da sauƙi: halaye uku masu +¼ da guda ɗaya mai −¾ dole su tara sifili, kuma sun tara. Wanda ya samu −¼ ga singilet ya manta da aikin musanya ne. Tazarar da ke tsakanin matakan biyu ita ce ¼ − (−¾) = 1, wato A cif. Da an yi wancan kuskure, da tazarar ta fito rabi, igiyar da za a nema ta zama santimita 42, a yi ta sauraron sama ba a ji komai ba.

A haidirojin darajar A ita ce 5.9 × 10⁻⁶ na elektironbolt, singilet ne a ƙasa. Wannan ɗan mitsitsi ne ƙwarai, don raba elektiron da furoton gaba ɗaya yana cin elektironbolt 13.6, fiye da ninki miliyan biyu. Idan atam ya sauko daga tirifilet zuwa singilet, yana fitar da wannan makamashi a matsayin igiya. A raba shi da lambar Planck, 4.14 × 10⁻¹⁵, sai a samu kaɗawa kimanin biliyan 1.42 a daƙiƙa, wato megahaz 1420. A raba gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, da wannan, sai a samu mita 0.21. Santimita 21 ɗin Ewen ke nan.

Atam guda da aka bari shi kaɗai yakan yi kimanin shekara miliyan 11 kafin ya yi wannan saukowa. Abin da ya sa ake jin igiyar duk da haka shi ne yawan haidirojin a sarari ya wuce misali, kuma karo da juna yana ta mayar da atam-atam sama. Ko a gajimaren iska mai sanyin digiri 100 a ma'aunin Kelbin, zafin ya fi ƙarfin wannan tazara nesa ba kusa ba, don tazarar daidai take da zafin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Saboda haka halayen huɗu suna cika daidai da juna, atam uku cikin kowane huɗu suna tirifilet. Wannan rabo na uku da ɗaya shi ne yake ba masana taurari damar juya ƙarfin igiyar zuwa adadin haidirojin. Igiyar kuma tana ratsa ƙurar da take tare hasken ido, shi ya sa da ita aka zana taswirar rassan dandazon taurarin da ranarmu take ciki a shekarun 1950.

Kada a ɗauka singilet ne kullum a ƙasa, ko kuwa maganaɗisu ne kullum sanadi. Lissafin tara sifin yana faɗin halayen da ake da su ne kawai, bai faɗi wanda ya fi arha ba. Idan ƙwayoyin biyu iri ɗaya ne, kamar elektiron biyu na hiliyam, ƙa'idar Pauli takan shigo: in sifin ɗinsu bai canza da musanya ba, to dole zamansu a wuri ya juya alama, abin da yake sa su nisanci juna. Elektiron biyu kuwa ture juna suke yi, don haka nisa sauƙi ne gare su. Shi ya sa a matakin hiliyam na farko da ke sama da na tushe, tirifilet yana kan elektironbolt 19.8, singilet yana kan 20.6. Tazarar 0.8 ta fi ta haidirojin sau dubu ɗari da ɗoriya, kuma turin wutar lantarki ne ya haifar da ita. Werner Heisenberg ya warware wannan a 1926. Kafin nan layukan hasken hiliyam sun kasu jeri biyu da kamar ba sa hulɗa, har ana ba su suna daban-daban tamkar iska iri biyu.

Inda rabon uku da ɗaya ya fi cin kuɗi shi ne masana'antar ruwan haidirojin, man da wasu rokoki suke sha. Iskar haidirojin ta yau da kullum atam biyu ne a manne, don haka akwai furoton biyu, su ma sifin ɗinsu yana taruwa kamar yadda muka lissafa. Mai tirifilet ana ce masa oto, mai singilet kuma fara, kuma Karl Bonhoeffer da Paul Harteck sun tabbatar da wanzuwarsu a gwaji a 1929. A zafin ɗaki kashi 75 cikin ɗari oto ne, kashi 25 fara. Amma ƙa'idar Pauli ta hana oto zama ba tare da wulwulawa ba, don haka ko a matakinsa na ƙasa yana ɗauke da rarar makamashi. A sanyin da haidirojin yake zama ruwa, digiri 253 ƙasa da sifili, kusan dukkansa fara yake son zama. Sai dai juyewar tana da nawa, tana ɗaukar kwanaki. In aka sanyaya iskar da sauri aka zuba a tanki, oto zai bi ta ciki yana juyewa a hankali yana sakin zafi, sama da kilojul 500 a kowane kilo, alhali kilojul 450 ma ya isa ya mayar da kilo ɗaya na ruwan iska. Tanki ne a rufe ruf, babu zafin da yake shiga daga waje, amma ruwan yana tafasa kansa yana tsiyayewa ta bututun fitar da iska. Maganin da injiniyoyi suke yi shi ne su bi da iskar ta cikin wani gari mai dangantaka da tsatsar ƙarfe tun ana sanyaya ta. Atam-atam na ƙarfen suna da maganaɗisunsu, wanda yake taɓa furoton ɗaya fiye da ɗayan idan ƙwayar ta matso kusa, sai alamar ƙari ta samu hanyar komawa ragi nan take. Zafin juyewar yakan fita a cikin injin sanyaya, inda aka tanadi kwashe shi, kuma ruwan da ake zubawa a tanki yakan kasance fara ne sama da kashi 95 cikin ɗari.